Aikin gida da minti takwas na farkon darasi

"Malam, ina koyar da lissafi a aji biyar na firamare, ɗalibaina sun kai hamsin. Kusan kullum ina ba su aikin gida, amma washegari ko dai gyaran aikin ya cinye mini rabin lokacin darasi, ko kuma in tattara littattafan in ajiye in shiga sabon abu kamar ba a yi aikin ba. Yaya zan haɗa aikin gida da darasi, har ya zama bitar da nake buɗe aji da ita tana da amfani?"

Malama, gyaran ba da safe yake farawa ba, tun lokacin da kike zaɓen tambayoyin yake farawa. Yawancinmu muna ba da aikin gida ne bayan an buga ƙararrawa, yara na tattara jaka, sai mu ce "ku yi lamba ɗaya zuwa goma a shafi kaza." Aikin da aka bayar haka yana kallon baya ne kawai, wato darasin da aka gama. Ba shi da wata alaƙa da abin da za a koyar gobe, shi ya sa idan gari ya waye malami ba ya sanin abin da zai yi da shi. Ko ya bi tambayoyin goma ɗaya bayan ɗaya, ko ya watsar da su duka.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki juya tsarin. Kafin ki rubuta tambaya ko ɗaya, ki buɗe shirin darasin gobe ki tambayi kanki: mene ne yaro zai riga ya iya kafin ya fahimci wannan sabon abu? Amsar galibi abu biyu ne ko uku. Su ne aikin gidan. Da safe kuma bitar ba za ta zama karanta amsoshi ba, za ta zama hanyar da za ki gane ko waɗannan abubuwan sun zauna, domin ki yanke shawarar ci gaba ko dakatawa.

Dalilin da ya sa bitar farko take aiki

Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan an koyi abu, daga baya take lafawa. Duk malamin aji ya ga wannan da idonsa: yaran da suka amsa daidai da rana, washegari sai ki ga kamar ba su taɓa jin zancen ba. Abin da ke rage wannan shi ne a sa yaro ya tono abin daga ƙwaƙwalwarsa da kansa bayan an ɗan sami tazara. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada haka a 2006 da ɗaliban jami'a: waɗanda aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka sake karantawa riƙe shi bayan mako guda. To idan aikin gida da bitar safe suka haɗu a kan abu ɗaya, yaro ya sami wannan damar sau biyu, sau ɗaya da yamma shi kaɗai, sau ɗaya da safe a gabanki.

An ma gwada irin wannan tsari a ajin lissafi na firamare. A 1979 Thomas Good da Douglas Grouws sun horar da malaman aji huɗu a kan su riƙa buɗe darasi da bitar kusan minti takwas wadda take haɗe da aikin gida, su kuma ba da aikin da bai wuce na minti goma sha biyar ba, da tambaya ɗaya ko biyu daga tsofaffin darussa. Ɗaliban waɗannan malamai sun fi na sauran ajujuwan ci gaba a jarrabawa. Barak Rosenshine ma, da ya tattara ƙa'idojin koyarwa goma a 2012, bitar yau da kullum ya sa a farko, ya kuma ƙiyasta mata minti biyar zuwa takwas. Ki lura da gajartar lokacin. Bitar da ta kai minti ashirin ta riga ta zama wani darasin daban.

Misali daga ajinki

A ce makon jiya kin koyar da tara ɓangarori masu lambar ƙasa iri ɗaya, kamar 2/7 + 3/7. Yau kin koyar da ɓangarori masu daidai ƙima, wato yadda 1/2 yake daidai da 2/4 da 3/6. Gobe kuma kina son shiga tara waɗanda lambar ƙasansu ta bambanta, kamar 1/2 + 1/3. Darasin gobe a kan ƙafa biyu yake tsaye: yaro ya iya mayar da ɓangare zuwa wata lambar ƙasa, kuma ya san cewa idan lambar ƙasa iri ɗaya ce, na sama kawai ake tarawa. Idan ɗaya daga cikin biyun ta gurgunce, duk bayanin da za ki yi gobe ba zai shiga ba.

Ga aikin da zan bayar, tambaya biyar kacal, kowace da aikinta. Ta farko ita ce 2/7 + 3/7, daga makon jiya. Mai sauƙi ce da gangan, don yaro ya fara da abin da ya iya, amma tana da tarko: wanda bai fahimta ba zai rubuta 5/14, ya tara sama ya tara ƙasa. Ta biyu ita ce ya cike gurbi a 1/2 = ?/6 da 1/3 = ?/6. Ta uku ita ce 3/4 = ?/12. Waɗannan biyun su ne darasin yau kai tsaye. Ta huɗu ba lissafi ba ce, hukunci ce: "Wani yaro ya ce 2/3 daidai yake da 4/5 domin ya ƙara 2 a sama ya ƙara 2 a ƙasa. Ya yi daidai? Nuna da zane." Ta biyar ita ce gada zuwa gobe: ya zana dogayen akwatuna biyu masu tsawo ɗaya, ya raba kowanne gida shida, ya shafe rabin na farko da sulusin na biyu, sannan ya faɗi gida nawa ya shafe a kowanne, da gida nawa gaba ɗaya.

Ki duba ta biyar da kyau, don a nan mutane suke zamewa. Ba a ce wa yaro ya tara 1/2 da 1/3 ba, tunda ba a koya masa ba tukuna. Duk abin da aka nema ya riga ya iya: zane, rabawa, ƙirgawa. Amma idan ya gama, amsar darasin gobe tana zaune a littafinsa bai sani ba: gida 3 da gida 2, jimilla 5 cikin 6. Tambayar gada dole ta zama wadda yaro zai iya yi da ilimin yau. Idan kika ba shi sabon abu ya je ya yi fama da shi a gida, ko dai ya ƙirƙiro hanyar da ba daidai ba ya maimaita ta har ta zauna masa, ko wani babba ya yi masa, ko ya bar wurin fayau. Duk ukun ba su taimake ki ba.

Sai mataki ɗaya da mutane ke tsallakewa, alhali shi ne ya fi komai amfani. Kafin ki bar makaranta, ki rubuta a gefen shirin darasinki amsoshin kuskure da kike tsammani, da abin da kowace take nufi. A tambaya ta uku amsar daidai 9 ce. Wanda ya rubuta 11 ya ga an ƙara 8 a ƙasa, daga 4 zuwa 12, sai shi ma ya ƙara 8 a sama. Wannan yaron yana da hanya, hanyar ce ba daidai ba: yana tarawa a inda ya kamata ya ninka. Wanda ya rubuta 3 kuwa ya canza ƙasa ya bar sama yadda take, bai ma gane cewa ana neman ƙima ta tsaya yadda take ba. Ciwo biyu ne daban, maganinsu ma daban. Idan kin san su tun dare, da safe kallo ɗaya ya ishe ki ki gane wanda ya fi yawa a ajin. Idan ba ki san su ba, abin da za ki gani kawai shi ne "wasu sun faɗi."

Yadda mintocin takwas suke tafiya

Kafin yara su shigo, ko da zarar kin shiga, ki rubuta tambaya ɗaya a allo wadda take 'yar'uwar ta uku ce amma da wasu lambobi: 2/5 = ?/10. Na zaɓi lambobin ne yadda kowane kuskure zai fito da tasa amsar. Daidai ita ce 4, mai tarawa zai sami 7, mai barin sama zai rubuta 2. Kowa ya buɗe littafinsa a shafin aikin gida ya ture shi gefen tebur, ya amsa tambayar allo a ƙaramin allo ko 'yar takarda, shi kaɗai, ba magana. Minti biyu.

A cikin minti biyun nan ke kuma kina zagawa tsakanin layuka. Ba ki gyara komai, ba ki riƙe da jan biro. Tambaya ta uku kawai kike leƙawa, da kuma ko an yi zanen ta biyar. A aji mai mutum hamsin ba za ki ga kowa ba, kuma ba dole ba ne. Littafi goma sha biyar zuwa ashirin sun isa, muddin kin haɗa da na gaba da na baya, masu ƙoƙari da masu rauni. Gobe sai ki bi ta wasu layukan.

Daga nan ki ce kowa ya ɗaga amsarsa lokaci ɗaya. Wannan "lokaci ɗaya" ɗin yana da muhimmanci ƙwarai. Idan kika ce "wa zai gaya mana amsa?" yara biyar ɗin da kullum suke ɗaga hannu za su ba ki 4, ki ɗauka aji ya gane, alhali arba'in da biyar ba ki ji daga gare su ba. In babu ƙananan alluna, ki rubuta 2 da 4 da 7 a allo, ki ba kowace lamba alama, kowa ya nuna da yatsu a ƙirjinsa idan kin ƙirga zuwa uku.

Yanzu kina da abin yanke shawara. Idan kusan arba'in cikin hamsin sun nuna 4, ki ci gaba. Ki kira yaro ɗaya ya faɗi yadda ya yi, ki lura da sunayen goman da suka kuskure don ki fara zuwa wurinsu lokacin aikin aji. Wannan kaso na huɗu cikin biyar ya yi daidai da matakin nasara da Rosenshine ya ambata, kusan kashi 80 cikin ɗari, kuma a aikace ma'auni ne mai kyau. Idan aji ya rabu, a ce ashirin da takwas sun ce 4, goma sha bakwai sun ce 7, kada ki ci gaba, kuma kada ki sake darasin jiya daga farko. Ki kama kuskuren nan guda ɗaya. Ki zana akwati mai gida biyar ki shafe biyu, ki tambaya: ya kai rabi? Bai kai ba. Ki zana mai gida goma daidai tsawonsa ki shafe bakwai: ya wuce rabi? Ya wuce. To yaya abin da bai kai rabi ba zai zama daidai da abin da ya wuce rabi? Sannan ki tsaga kowane gida na akwatin farko biyu su gani da idonsu biyun sun zama huɗu. Minti huɗu ko biyar ya isa, sai ki ba da wata tambayar, kamar 1/4 = ?/8, ki sake dubawa. Idan kuwa waɗanda suka samu ba su kai sulusin aji ba, darasin jiya ne bai shiga ba, kuma gaskiyar magana ita ce yau ba ranar sabon darasi ba ce. Na san manhaja tana matsa wa malami, amma kwana ɗaya da kika bayar a nan ya fi mako guda da za ki kashe nan gaba kina kwance kuskuren da ya riga ya yi jijiya.

Amsoshin sauran tambayoyin fa? Ki rubuta na ɗaya zuwa uku a allo, kowa ya duba nasa da kansa, wanda ya kuskure ya rubuta gyara a gefe ba tare da ya goge na farko ba. Minti ɗaya ne. Barin kuskuren a shafi yana da amfani, domin idan kika ɗauki littafin daga baya za ki ga inda tunaninsa ya karkace. Ta huɗu kuwa ki bar su su tattauna bibbiyu na minti ɗaya, ki ji daga mutum biyu.

Sai ki rufe bitar da ta biyar, wadda ita ce ƙofar sabon darasi. "Ku dubi zanenku. Rabi gida nawa ne? Uku. Sulusi fa? Biyu. Gaba ɗaya? Biyar cikin shida." Ki rubuta 1/2 + 1/3 = 3/6 + 2/6 = 5/6, ki gaya musu cewa jiya da yamma sun riga sun yi lissafin da za a koya yau, abin da ya rage shi ne su iya yin sa ba tare da zane ba. Daga baya idan wani ya kawo 2/5 a matsayin amsa, kuma sai an samu mai kawowa, zanen yana gabansa: ya fara da rabi, ya ƙara masa wani abu, yaya za a yi ya tashi da abin da bai kai rabi ba?

Waɗanda ba su yi ba, da waɗanda aka yi musu

A kowane aji akwai yaran da za su zo ba su yi aikin ba. Wani bai da wurin zama ya yi rubutu, wani aiki ya yi masa yawa a gida, wani bai gane ba ne ya ji tsoron farawa, wani kuma wasa ne ya ɗauke shi. Kada a yi shari'ar wannan a mintocin bita. Malamin da ya fara da "wanda bai yi ba ya miƙe" ya ɓatar da lokacin, ya kuma koya wa yara cewa abin da ake nema shi ne shafi ya cika, sai kwafa ta yawaita a bakin ƙofar aji. Ki yi alama a takardarki yayin zagawa, ki yi magana da su bayan darasi. Tsarin da na bayyana bai bar su a baya ba, domin tambayar allo sabuwa ce ga kowa, zanen gada kuma za su iya kallon na maƙwabcinsu.

Ita wannan tambayar ta allo tana yi miki wani aikin kuma. Idan littafin yaro ya nuna 9 a tambaya ta uku, tsaf babu gogewa, amma a allonsa ya ɗaga 7, kin san amsar littafin ba daga kansa ta fito ba. Ba sai kin tuhume shi ba. Kin dai san yana cikin masu buƙatar taimako, shi ma kuma a hankali zai gane cewa kwafa ba ta fisshe shi da safe. A ganina wannan ya fi horo tasiri, domin yaran suna ganin cewa aikin jiya ana amfani da shi yau, kuma wanda ya yi da kansa shi ne yake jin daɗin darasin.

Game da duba littattafai, ba na ganin dole ki bi hamsin da jan biro kowace rana. Gyaran da ya dawo wa yaro bayan kwana uku ya zo a makare, an riga an gina sabon abu a kan kuskuren. Ki karɓi littafi goma a rana bi da bi, yadda kowa zai shigo hannunki sau ɗaya a mako, ki karanta tambaya irin ta huɗu da natsuwa, tunda ita ce take nuna tunanin yaro, kuma ita ce ba za a iya dubawa daga nesa ba.

Inda tsarin yake da iyaka

Ba kowane irin aiki ne zai shiga wannan ma'auni ba. Ya fi dacewa da abin da yake hawa-hawa, inda na yau yake ɗaukar na gobe, kamar lissafi da nahawu da yawancin darussan kimiyya. Dogon rubutun insha'i ba a duba shi da leƙe cikin minti biyu. A can sai dai a zaɓi abu ɗaya, misali jimlar buɗewa, a yi bitar a kanta, sauran ya jira karatun malami.

Kada kuma ki ɗauka yawan aikin gida shi ne yake kawo ci gaba. Nazarin da Harris Cooper da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya nuna cewa alaƙar aikin gida da sakamako ta fi ƙarfi a sakandare, a firamare kuwa ba ta da ƙarfi sosai. Shi ya sa na tsaya a tambaya biyar da yaro matsakaici zai gama cikin minti goma sha biyar. Ki gwada da kanki: idan ke kin gama cikin minti uku ko huɗu, to daidai ne gare su. Ranar da darasi bai kai inda kike so ba, yara suka tashi a rikice, ki bar darasin ranar daga aikin gida gaba ɗaya, ki ba su na makon jiya kawai tare da tambayar gada idan akwai. Yaro ba ya ƙwarewa a gida a kan abin da bai kama ba a aji.

Abu na ƙarshe shi ne lokacin bayarwa. Ki ware minti uku kafin ƙararrawa, ki rubuta aikin a allo, ku karanta shi tare, ki tabbata sun gane abin da tambayar gada take nema, har ma ki bar su su fara ta farko a aji. Sannan ki gaya musu a fili abin da za a yi da shi: "Gobe da zanenku na lamba biyar za mu fara, kowa ya zo da shi." Idan kuma darasi na gaba ba gobe ba ne, sai bayan hutun ƙarshen mako, ki ƙara tambaya ɗaya ta tsohon darasi a allo, ki ba bitar minti goma, domin tazarar ta fi tsawo kuma abin da ya zube ya fi yawa.